Yadda za ka fassara takardar sirri a intanet ba tare da ka tona ta ba

A watan Satumba na 2017, kafar yaɗa labarai ta NRK a ƙasar Norway ta bankaɗo cewa takardun kamfanin mai na Statoil da aka fassara a shafin Translate.com suna fitowa a binciken Google. Ba kutse aka yi ba. Ma'aikata ne da kansu suka liƙa rubutun a akwatin fassara na kyauta. Duk abin da ka liƙa a irin wannan akwati ya bar kwamfutarka, ya tafi na'urar wasu.

Idan kwangila ce za ka fassara, da farko duba kwangilar kanta. Idan akwai sharaɗin da ya hana nuna ta ga wani na daban, to kamfanin fassarar ma wani na daban ne. Sai ka karanta sharuɗɗan manhajar, ka nemi amsar abu biyu: suna ajiye rubutun? Suna horar da na'urarsu da shi? Na kyauta da na kuɗi sukan bambanta ko a kamfani ɗaya. DeepL, alal misali, a tsarin DeepL Pro ne ya yi alkawarin goge rubutu bayan fassara.

Na biyu, kada ka ɗora fayil ɗin ɗungurungum. Takardar Word tana ɗauke da sunan marubuci, sharhin gefe da tsofaffin gyare-gyare. Kwafi sakin layin da kake buƙata kawai.

Na uku, kuma nan ne aikin yake, ɓoye abubuwan da ke fallasa masu kwangilar. A ce sharaɗin yana cewa kamfani kaza zai biya wani kamfani dala 250,000 kafin 30 ga Yuni. Mai da shi: K1 zai biya K2 kuɗi N1 kafin ranar R1. Rubuta ma'anar kowace alama a wani fayil da ba ya barin kwamfutarka, bayan fassara ka mayar da kowanne gurbinsa. Ƙirga alamomin kafin da bayan fassara, ka kuma duba wurin da kowacce take, domin na'ura takan haɗiye ɗaya ko ta sauya musu wuri, sai mai biya ya koma mai karɓa. Kada ka manta da adireshi, lambar asusu da sunan aikin; sau da yawa su ke tona asiri ko an cire sunan kamfani.

Binciken da ba a wallafa ba kuwa, wannan dabara ba ta isa. Sirrinsa ba suna ba ne, hanyar gwajin ce da sakamakon, kuma in ka ɓoye su babu abin fassarawa. Idan ƙirƙira ce da za a nema wa rajistar mallaka, fitarta bainar jama'a kafin shigar da takardu na iya ɓata neman gaba ɗaya. A ganina, nan sai manhajar da ke aiki a cikin kwamfutarka, irin Argos Translate. Sauke harsunan da kake buƙata, kashe intanet, sannan ka gwada ta. Idan ta fassara a haka, rubutunka bai fita ba.