Shekara 10 ta farko a asusun fansho

'Yan uwa ma'aikata, ku ɗauki biro mu yi lissafi. Mu ƙaddara abokai biyu, kowanne yana zuba naira 20,000 duk wata a asusun fansho, kuma ribar jari tana tsayawa kashi 10 cikin 100 a shekara. Misali ne kawai, riba takan hau ta sauka.

Na farko ya fara yana ɗan shekara 25, na biyu sai da ya kai 35. Su biyun suka tsaya a 60. Na farko zai tarar da kusan naira miliyan 65, na biyu kuwa wajen miliyan 23 da rabi. Abin da na farko ya zuba fiye da abokinsa daga aljihunsa miliyan 2.4 ne kacal. Ragowar tazarar duk riba ce da ta haifi riba, kamar akuyar da aka bari ta haihu, 'ya'yanta ma suka haihu.

A wannan ƙimar kuɗi yana ninkawa kusan duk shekara 7. Nairar da aka ajiye a 25 za ta yi ta ninkawa biyu-biyu har sau 5 kafin 60, ta 35 kuwa sau 3 da rabi kawai.

Amma ku lura da tsadar rayuwa, domin miliyan 65 na wancan lokacin ba zai sayi abin da yake saya yau ba, don haka duk lokacin da albashi ya ƙaru ku ƙara abin da kuke zubawa. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tambayi kamfanin fanshonsa game da Fund VI, asusun da ke bin tsarin shari'a.