Jimla uku ga mai ɗaukar ma'aikata idan za ka canja sana'a

'Yan uwa malamai masu neman barin koyarwa, ku daina buɗe saƙo da "duk da ban da gogewa a wannan fanni". Mai karantawa a waya yake, kuma daga nan zai ajiye.

A ce malamar lissafi ce a wata sakandare a Sabon Garin Zariya, tana neman aikin kula da bayanai a wani kamfani a Kaduna. Ga abin da za ta tura:

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ni malamar lissafi ce a Zariya, na ga tallan gurbin jami'in bayanai da kuka fitar. Shekara 6 ina haɗa sakamakon ɗalibai 300 a Excel kowane zangon karatu, ina tsamo kurakurai kafin a raba takardu, kuma aikin da tallanku ya nema ke nan. Ko za a ba ni minti 10 a waya cikin makon nan?"

Jimla ta biyu ce ke ɗauke da nauyin, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. "Ina da haƙuri da ƙwazo" kowa zai rubuta, ba ya nuna komai. Ɗauki aiki ɗaya daga tallan, ka nemo inda ka taɓa yin irinsa, ka sa adadi na gaskiya, don za a tambaye ka a ganawa. Idan babu adadi, faɗi wanda ya dogara da aikin, kamar shugaban makaranta ko iyayen yara.

Takardar bayanan aikinka kuwa, liƙa ta a ƙasan saƙon.