Yadda ake gane lokacin da zazzaɓin yaro ya kai a je asibiti

Lamba ɗaya a kan ma'aunin zafin jiki, wato tamomita, ba ta nufin abu ɗaya ga kowane yaro. Jaririn sati shida da ya nuna 38 sai a ɗauke shi a nufi asibiti a daren nan, amma ɗan shekara uku da ya nuna 38 yana yawo a tsakar gida zai iya kwana zuwa safe. Shi ya sa ake fara duba watannin yaro kafin lambar, a kuma duba halin da yake ciki kafin a yanke shawara.

Matakin farko shi ne a auna daidai. Ɗora bayan hannu a goshi ba ya ba da lamba. Ki samu tamomita mai batir, irin wadda ake sayarwa a kemis. Ki sauke yaron daga goyo, ki rage masa kaya, ki bar shi ya sha iska kamar minti goma sha biyar, domin zanen goyo da bargo suna ɗaga zafin fata. Ki share zufar hammatarsa, ki sa kan tamomitar a can tsakiya, ki matse hannunsa a jikinsa har ta yi ƙara. Awon hammata yakan fito ƙasa da ainihin zafin cikin jiki da kusan rabin digiri, don haka ne ma'aikatan lafiya suke ɗaukar 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi ya soma. In tamomitarki tana nuna harafin F ne maimakon C, to 100.4 shi ne 38, 102.2 shi ne 39, 104 kuma shi ne 40. Ki rubuta lambar da lokacin da kika auna, za a tambaye ki.

Sai mataki na biyu, a duba watanninsa. Jaririn da bai cika wata uku ba, da zarar ya kai 38, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko da yana shan nono yana kallon mutane. Ko 37.5 kika gani a hammata, ki sake aunawa bayan ɗan lokaci, in bai sauka ba ki kai shi. Dalili kuwa, garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar cuta tana iya shiga jininsa ko ta haura ƙwaƙwalwa cikin awoyi kaɗan, kuma sau da yawa zafin nan ne kaɗai alamar da za a gani da farko. Kada a ba shi farasitamol a zauna jiran saukar zafi. Haka kuma sanyin jiki a wannan lokacin haɗari ne: jaririn da ya nuna ƙasa da 35.5 yana buƙatar asibiti kamar mai zazzaɓi. Allurar rigakafin sati shida, sati goma da sati goma sha huɗu takan kawo ɗan zafi na kwana ɗaya ko biyu, amma ga ɗan ƙasa da wata uku gara ma'aikacin lafiya ne ya ce allurar ce, ba a yanke hakan a gida ba.

Daga wata uku zuwa shida, lambar da ba a jira a kanta ita ce 39: a kai shi a ranar. Daga wata shida zuwa sama kuwa lambar ita kaɗai ba ta cika faɗin girman ciwo ba, amma in ta kai 40, ko tana komawa can bayan an ba da magani, a je a ranar.

Akwai ƙa'idar da ta shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da babu sauro mai cuta. A Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, duk yaron da ya yi zazzaɓi ya kamata a yi masa gwajin maleriya cikin awa 24, komai ƙanƙantar lambar, musamman da damina da kaka. Gwajin ɗan jini ne daga yatsa, cikin minti ashirin an san sakamako. Ko yaron yana shan maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina, a gwada shi. Ni a ganina abin da ya fi cin rayukan yara a nan shi ne cewa "haƙori ne yake fitarwa". Fitar haƙori tana sa yaro rigima da dalalar da miyau, ba ta kai shi 39. Yaro mai sikila, da wanda tamowa ta kama, su ba su da jira: 38 ta isa a tafi.

Mataki na uku ya fi lambar muhimmanci, shi ne kallon yaron kansa. In ya kasa shan nono ko ruwa, in yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, in ya yi jijjiga, in barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, to a manta da tamomita a kama hanya. Haka nan sanƙarewar wuya ko kumburin maɗiga, waɗanda alamun sanƙarau ne, cutar da ta fi tashi da rani. Ki buɗe tafin hannunsa, in ya yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, duk sun yi sauri. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin jan numfashi, nimoniya ake tsoro. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki, a tafi da shi.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara biyu mai nauyin kilo 12, da ta nuna 39.2 bayan sallar isha'i. Tana shan ruwa, ta yi fitsari da yamma, numfashinta 32 a minti, wuyanta yana lanƙwasuwa. Wannan za ta iya kwana a gida. Farasitamol ana auna shi ne da nauyi, miligiram 15 ga kowane kilo, wato miligiram 180 a wajenta. In ruwan maganin mai miligiram 120 ne a cikin mililita 5, za a ba ta mililita 7.5, a auna da sirinji ko murfin awo, ba cokalin shayi ba. Za a iya maimaitawa bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya, kuma kada a haɗa shi da wani maganin mura mai farasitamol a ciki. Ba a ba yaro asfirin. A sa mata kaya marasa nauyi, a yawaita ba ta ruwa, kada a watsa mata ruwan randa mai sanyi, don rawar sanyi ce zai jawo. Uwa ta tashi ta duba ta cikin dare, da safe kuma a kai ta gwajin maleriya ko da zafin ya sauka, domin farasitamol zafi yake saukarwa, ba ya kashe cutar. Da ƙanenta ɗan sati bakwai ne ya nuna 38.2 a wannan daren, babu zancen magani a gida, sai neman abin hawa.

In gwaji ya nuna ba maleriya ba ce aka dawo gida, aiki bai ƙare ba. Zazzaɓin da ya kai kwana uku bai sauka ba, ko wanda ya tafi ya dawo, ko ƙuraje suka biyo shi da jan ido da tari irin na ƙyanda, a koma a sake dubawa. In kuwa an soma maganin maleriya, a shanye shi na kwana ukun nan cif, kuma idan bayan kwana biyu yaron bai samu sauƙi ba, a mayar da shi wajen wanda ya rubuta maganin tare da takardar da kika riƙa rubuta lambobin a ciki.