Rahoton kasafin wata da Alhaji zai karanta ya yanke hukunci: kurakuran da muka fi yi

Na daɗe ina riƙe wa wani gidan burodi lissafi a nan Aboabo, Kumasi, kuma kuskurena na farko shi ne na duk sabon akanta: wata ya ƙare in bugo duk abin da ke Excel, shafi shida, in kai wa Alhaji mai gidan burodin. Ya juya ya juya ya ce "to malam, mun ci riba ko ba mu ci ba?" Shi ke nan fa, aikin kwana uku ya tafi a banza. Yanzu shafi ɗaya nake kai masa, layi uku na sama su ne ciniki, kashewa, da kuɗin da ya rage a banki da momo. Sauran shafukan suna jakata in ya tambaya.

Amma babban kuskuren yana wajen bambanci tsakanin abin da aka tsara da abin da aka kashe. Mu ɗau misali, an tsara buhun fulawa 200 a kan sidi 500, wato 100,000. Wata ya ƙare an sayi buhu 240 a kan 520, ya kama 124,800. Sai ka rubuta "fulawa ta haura da 24,800" da jan alƙalami ka yi shiru. Wallahi abin da zai biyo baya faɗa ne, Alhaji zai kira mai sito da masu kwaɓi ya hau su gaba ɗaya, alhali wannan adadin abu uku ne aka cakuɗa wuri guda.

Ka rarrabe su. A watan an gasa burodi sama da tsari da kashi 10 cikin ɗari saboda an samu sabbin masu shayi, to dole fulawa ta tashi zuwa buhu 220, ƙarin buhu 20 a tsohon farashi 10,000 ke nan, kuma wannan labari ne mai daɗi tunda ciniki ne ya jawo shi. Sai farashi, sidi 20 a kan kowane buhu sau 240, ya ba da 4,800, wannan kasuwa ce, ba laifin kowa a gidan ba. Saura buhu 20 da babu burodin da ya fito daga cikinsu, 10,000. Nan ne ciwon yake. Ko ana ƙona burodi a tanda, ko mai yanka ya saki hannu kowane curi ya fi nauyin da aka ƙayyade, ko buhu na fita ta ƙofar baya. In ka haɗa ukun ka ga ba su dawo 24,800 cif ba, lissafinka ne da gyara, kar ka kai.

Kuma don Allah a daina sa alamar ragi ko baka biyu a ɗauka kowa ya gane, ragi a layin ciniki hasara ne, a layin kashewa kuma rangwame ne, mutum ya rikice. Rubuta "ya fi kyau" ko "ya fi muni" a gefe kawai.

Sai maganar lokaci. Kun san masu gidaje a Ghana, haya ta shekara ko biyu suke karɓa gaba ɗaya. In an biya 36,000 a Janairu ka zuba shi duka a rahoton Janairu, watan zai fito kamar gobara aka yi, sauran wata goma sha ɗaya kuma su nuna ribar da ba gaskiya ba. Raba shi 3,000 kowane wata a lissafin riba, a layin tsabar kuɗi kuma ka nuna ranar da ya fita. Haka kuɗin banki, ba duka na Alhaji ba ne: kashi 13 cikin ɗari na albashi da gida ke sawa da 5.5 da aka cire wa ma'aikata za su tafi hukumar fansho ta SSNIT da asusun fansho na mataki na biyu kafin 14 ga wata mai kamawa ya wuce, harajin albashi kuma hukumar haraji ta GRA na jiransa zuwa 15. In ba ka cire su a rahoto ba, zai ga kuɗi zaune ya je ya yi odar sukari.

Na ƙarshe, rahoto babu abin yi. Ni a ƙasan shafin nake rubuta abu biyu ko uku da sunan mai yi da rana. A misalin nan cewa zan yi mai sito ya riƙa ƙirga buhu safe da yamma yana rubutawa daga Litinin, shugaban masu kwaɓi ya ɗora curi goma a sikeli kowane kwaɓi na mako ɗaya, sannan tambaya guda ga Alhaji: mu ƙara kuɗin burodi saboda 4,800 ɗin nan, ko mu jira mu ga farashin fulawa na wata mai zuwa? Kuma ya isa hannunsa kafin 7 ga wata, don in ya kai 20, wasu buhunan sun riga sun bi sahun na farko.