Minti biyu gaban mai kuɗi: kurakuran da masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka fi yi

Ƙanwata man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli a nan Damagaram, ita da mata biyar, shekara uku kenan. Watan da ya wuce aka haɗa ta da wani Alhaji ɗan kasuwa mai son zuba kuɗi a irin wannan sana'a, ya ce ta zo shagonsa kusa da kasuwar Dole amma fa shi minti biyu gare shi don yana jiran kamiyo. Na raka ta. Wallahi minti biyun nan sun ƙare tana cikin labarin yadda ta koyi sana'a wurin kakarmu, ba ta kai ga faɗin nawa take so ba wayarsa ta yi ƙara, ya ce to hajiya Allah ya taimaka, sai mun sake haɗuwa. Muka hau kabu-kabu muka koma gida ba mai cewa kowa komai.

Daren nan muka ɗauko kaye ɗinta muka zauna, kuma tun da na sha zama wurin da matasa ke gabatar da dosiye gaban masu furoje na san ba ita kaɗai ce ke faɗawa wannan ramin ba.

Abu na farko lissafin lokacin kansa. Mutum in yana magana a natse, kalma 120 zuwa 140 yake fitarwa a minti, to minti biyu bai wuce kalma 280 ba. Gaisuwa irin tamu, ina kwana ina gajiya ya iyali ya kasuwa ya zafi, ita kaɗai sai ta cinye daƙiƙa 30. Ban ce kar ki gaisa ba, wa zai shiga shagon babba ba gaisuwa, amma ki gama ta kafin ki zauna, in kin buɗe baki kan maganar kuɗi kar ki sake komawa can. Tarihi ma haka. Alhajin da ya haura sittin ya fi ki sanin zamanin SONARA, kamfanin sayen gyaɗa na da, da yadda fari ya karya gyaɗa a shekarun 1970, kuma ya san ƙasar Matamai da Magarya gyaɗa suke nomawa, ba wannan ya zaunar da ke ki faɗa masa ba. Jimlar farko ta ƙunshi me kike yi, nawa kike sayarwa a wata, wa ke saye.

Sai wanda ya fi ba ni haushi, cewa "akwai riba sosai". Kowa haka yake cewa, har mai faɗuwa. Da na tambayi ƙanwata ribar buhu ɗaya nawa ce sai ta ce ai ana samu, da muka bi kayen layi layi ga abin da ya fito, kuma wannan lissafinta ne na kakar bana, ke ki yi naki da farashin ranar da za ki yi magana. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100 ta saye shi sefa 55,000. Da murzar hannu yana ba ta lita 28 na mai, kowace lita 1,500, ya kama 42,000. Tunkuzar kuma in an soya ana samun ƙuli kilo 55, kilo 500, ya kama 27,500. Duka 69,500. Itace, kuɗin niƙa, ruwa, bidon da ladan mata sun ci 9,500. In ka cire wannan da kuɗin gyaɗa saura 5,000 cif a buhu, buhu 12 take yi a wata, wato 60,000. Ta yi shiru, ita a ranta ta ɗauka abin ya kai jika ɗari da wani abu, saboda kuɗin da ke shigowa hannunta kullum take gani, kuɗin itace da na ruwa kuwa daga lalitar cefane suke fita ba ta taɓa rubuta su ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗa ciniki da riba, kuma ɗan kasuwa tambaya ɗaya zai yi ya gane. Ki lura da wani abu ma a lissafin nan, man kaɗai bai biya kuɗin gyaɗar ba, ƙuli ne ke fitar da ita. Wanda ya je yana ta yabon mai ya manta ƙuli, Alhaji zai buga lissafi a kansa ya ga 42,000 a kan 55,000 ya ce wannan ai asara ce.

Wajen faɗin kuɗin ma a yi hattara. Mu nan da dala muke ƙirga, ɗari biyu a bakinmu sefa 1,000 ce, in kuma wanda ke saurare ma'aikacin banki ne ko na furoje shi da sefa yake rubutawa. Na ga yaron da ya fara da dala ya ƙare da sefa cikin magana ɗaya, aka rubuta masa riba ninki biyar ƙasa da gaskiya. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya kanta, dala ko sefa, ki faɗa tun farko.

Kuskure na gaba shi ne kunya wurin roƙo. "Duk abin da Allah ya hore" maganar sadaka ce, wanda zai zuba jari kuma ba sadaka ya zo yi ba. Ki faɗi adadi, ki raba shi gida biyu ko uku, ki faɗi abin da kowane gida zai canza. Ita miliyan 3 take bukata: 1,200,000 injin niƙa da na murza, 1,650,000 buhu 30 na gyaɗa a farashin kaka, 150,000 bidon da leda da takardar liƙawa. Ta taɓa kai buhu biyu wurin mai irin injin don gwaji, kowane buhu ya ba ta lita 32 da ƙuli kilo 52, wato 48,000 da 26,000, duka 74,000, kashewa 9,000 tun da kuɗin niƙa ya fita na kuran ya shigo, riba ta koma 10,000 a buhu. Wannan gwajin ya fi duk wani rantse-rantse. A kula kuma wane inji ake nufi, don mai matsewa da ƙarfi yana fitar da mai fiye da haka amma tunkuzarsa busasshiya ce, galibi masu kiwo ke saye a farashi ƙasa, to in shi za ki saya kar ki saka kuɗin ƙuli a lissafi.

Kuma shi me zai samu? Mutane sai su tsallake nan wai kar a ce sun cika son kuɗi. Ki faɗa da bakinki, bashi ne ko haɗin jari, in haɗin jari ne kashi nawa. Da yawan Alhazan nan ba sa son jin maganar kuɗin ruwa, rabon riba ya fi kwanta musu.

Na ƙarshe, ɓoye matsala. Duk wanda ke zaune garin nan ya san yadda kuran ke yi da zafi, ya san abin da muka gani bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta 2023, ya san gyaɗa tana tashi da bazara, ya san man da ake shigowa da shi daga waje ya fi namu araha. In kin yi shiru zai ɗauka ko ba ki sani ba ko kina rufa masa. Ɗauki guda ɗaya wadda ta fi girma ki faɗa tare da dabararki, sauran ki bar su sai ya tambaya. Ita ta ɗauki tashin farashi, shi ya sa ba ta lissafa wata 12 a shekara ba, ta lissafa 10.

Ga yadda rubutun ya koma bayan mun yanke shi sau huɗu:

"Alhaji ranka ya daɗe, man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli, ni da mata biyar, shekara uku. Duk lissafin da zan faɗa da sefa ne. A wata muna sarrafa buhu 12, muna fitar da lita 336, masu abinci tara da butik huɗu ke ɗauka, kuma kowane wata ina mayar da masu neman kusan lita 300 saboda hannu ba ya iya wuce haka. Yanzu ribar buhu 5,000 ce bayan an cire komai har ladan mata. Na gwada buhu biyu a inji, riba ta koma 10,000 a buhu, ga kaye ga resi. Ina neman miliyan 3. Miliyan 1 da jika 200 na inji, miliyan 1 da jika 650 na gyaɗa buhu 30 yanzu da kaka tun ba ta tashi ba, jika 150 na bidon da leda. Da wannan za mu koma buhu 20 a wata, riba 200,000. Kashi 60 naka ne, wato 120,000 a wata. Na san da bazara gyaɗa na tsada har riba ta kusa ɓacewa, don haka wata 10 nake lissafawa a shekara, jarinka zai dawo cikin shekara biyu da rabi, daga nan mu sake zama kan kason. Abin da nake roƙo yau, ka turo yaronka ranar Asabar ya ga aikin da idonsa, ya duba kayen. Ga man, ga ƙulin, a ɗanɗana."

Mun kunna agogon waya ta karanta, minti ɗaya da daƙiƙa 40, ragowar na numfashi ne da miƙa kwalba. Kwalbar nan kar a raina ta, ki tace man ya kwanta ya yi garau, ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna tun kafin suya don ita ke kawo ɗaci da gubar da masu furoje ke yawan tambaya a kai, kuma kar ki zuba a gorar da aka sha lemo ba a wanke ba, hanci yake fara kaiwa kafin ido.

Haddacewa ma akwai kuskure ciki. Ta fara haddace shi kamar karatun allo, da na katse ta a tsakiya na ce hajiya ita litar nawa kike sayarwa, sai komai ya watse ta koma daga farko. Sai muka bar haddar kalmomi, ta riƙe lambobi biyar kawai a ka, 12, 5,000, 10,000, miliyan 3, kashi 60, ni kuma ina zama Alhaji ina katse ta inda na ga dama, wani lokaci in ɗauki waya in yi kamar ina magana da direba. A kwana na uku ko ta ina na shigo mata tana amsawa ta koma kan hanya.

Ta koma shagon ranar Laraba, wannan karon ita kaɗai. Ta ce bai bar ta ta ƙarasa ba, tana kaiwa kan lita 300 da take mayarwa ya tsayar da ita ya ce su wa da wa, ta lissafo masa butik ɗin, ashe biyu daga ciki shi ke ba su shinkafa. Yaron ya zo Asabar ya zauna har aka sauke suyar farko, ya ɗauki hoton shafi shida na kayen ya tafi da shi.