Zakkar gwal: da farashin yau ake lissafi

'Yar'uwa, in za ki fitar da zakkar sarƙarki da awarwaronki, kada ki yi lissafi da rasidin da aka ba ki ranar saye. Ranar da shekara ta zagayo, tambayi mai sayen gwal nawa zai karɓi giram ɗaya a hannunki. Kuɗin ƙira da duwatsun ado ba sa shiga lissafi, nauyin gwal kawai ake bi.

Nisabi dinari 20 ne, kusan giram 85 na tsantsar gwal. Amma gwal ɗinmu na ado gauraye yake da wani ƙarfe, shi ya sa sai kin duba karat, wato ma'aunin tsantsar gwal, inda karat 24 ne tsantsa.

A ce kina da giram 120 mai karat 21. Ninka 120 sau 21, ki raba gida 24, ya zama giram 105 tsantsa. Kin haura nisabi. Ɗaya bisa arba'in ɗinsa giram 2.625 ne. Ninka shi da farashin giram mai karat 24 na ranar, abin da za ki bayar ke nan.

Mai giram 100 na karat 18 kuwa, tsantsarsa 75 ce, bai kai ba, sai in tana da kuɗin ajiya da za su cike.

A mazhabar Malikiyya, gwal ɗin da mace take sawa don ado babu zakka a kansa, Hanafiyya kuma sun wajabta. Wanda aka ajiye don sayarwa ko ranar buƙata, dole a fitar. In naki ya haɗa biyun, don Allah tambayi malami.