Yadda ake neman zama da mutum ba tare da an yi ta jan magana ba

Ka tura wa mutum "Alhaji ina so mu zauna, yaushe kake da lokaci?" sai ya ce "insha Allah zan duba", shikenan sati biyu shiru. Ba wulaƙanci ba ne fa, aiki ka ɗora masa, shi zai duba kalanda kuma shi zai yi ta tunanin me ma za ka ce. To ka sauke masa wannan nauyin.

Da farko bayan gaisuwa faɗi dalilin zaman a layi ɗaya. Sannan ka ba shi lokuta uku, ɗaya kamar umarni ne, biyar kuma ruɗani. Ka rarraba su, wata rana safe wata yamma, don in safiyarsa kullum a cike take to ukun duk sun tashi a banza. Kowanne ka sa rana da kwanan wata da ƙarfe nawa, ban da "bayan la'asar" don Allah, wani ƙarfe 4 yake nufi wani sai ana kiran magariba zai shigo. Ranar Juma'a kuwa daga 12 zuwa 3 ka ma manta da ita.

Ga misali, sakataren ƙungiyar manoma ne yake rubuta wa dilan taki:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Muna neman zama da kai kan takin bana, minti 30 ya isa. Abin da za mu tattauna: farashin buhu (minti 10), yadda za a biya (minti 15), ranar kawo kaya (minti 5). Wanne ya fi maka?
1. Litinin 9 ga wata, 10:00 na safe
2. Talata 10 ga wata, 4:30 na yamma
3. Alhamis 12 ga wata, 11:00 na safe
A ofishinka, ni da ma'aji za mu zo. In duk ba su yi ba faɗa mana wanda ya yi maka. Za mu so jin amsa kafin Asabar."

Ka ga lamba ɗaya kawai zai turo an gama. Kuma da yake ya ga maganar biya ce ta fi cin lokaci, zai taho da lissafinsa, ba a zauna ya ce sai ya tambayi yaronsa ba.

Kar ka rage mintuna don ya yarda, ka ce 15 alhali maganar awa guda ce, gobe ba zai sake amsa maka ba. In ta Zoom ne na kyauta ka tuna minti 40 yake yankewa. In kuma mutumin ba a ƙasa ɗaya kuke ba rubuta agogon ina kake nufi, 10 a Kano daidai take da 10 a Yamai, amma 9 ce a Accra, 12 a Jidda.

Lokutan nan uku ka riƙe su kar ka ba wani, da ya zaɓa sai ka saki biyun, ka mayar masa "to Talata 4:30 a ofishinka, Allah ya kai mu".